Leƙa Bakin Mai Cin Taba: Abin Da Za A Duba, Da Ranar Da Za A Je Asibiti

Darasinmu na wannan karon a kan taba ne, amma ba ta hayaƙi ba. Muna nufin garin taban nan da ake ƙullawa a leda ko a zuba a 'yar kwalba, wanda ake haɗawa da kanwa, mutum ya ɗibi kaɗan ya cusa tsakanin leɓe da dasashi ko a cikin kunci, ya bar shi nan yana tsotsa yana tofar da yawu. Daga nan 'Yandoto har Tsafe, Kwatarkwashi, Bungudu da Gusau, da wuya a sami ɗalibin da bai san mai cin ta ba, ko kaka, ko kawu, ko wani abokin aikin baba a gona. Wani bincike da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 2012 ya nuna kusan mutum 2 cikin kowane baligai 100 suna amfani da tabar da ba a kunna mata wuta, ta ci ko ta shaƙa.

Mun san mutane da yawa suna ganin wannan tabar ta fi sigari sauƙi, tunda ba hayaƙi, ba tari, ba ƙona riga. Gaskiya ne ba ta shiga huhu kamar hayaƙi. Sai dai tana zama a wuri ɗaya a cikin baki, kullum, shekara da shekaru, kuma a wannan wurin ne take yin ɓarnarta. Abin da muke so kowa ya riƙe daga wannan darasi shi ne: ciwon dajin baki a farkonsa yawanci ba ya zafi. Wanda ya ce sai ya ji zafi zai je asibiti, yana iya zuwa a makare. Don haka da ido da yatsa ake gano shi, kuma da ƙirgen kwanaki ake yanke shawarar tafiya.

Me ke cikin ƙullin tabar

Ganyen taba yana ɗauke da nikotin, shi ne ke sa mutum ya kasa bari. Kanwar da ake zubawa kuwa ba don ɗanɗano kaɗai ba ce. Tana sauya yanayin tabar ta yadda nikotin zai ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri, shi ya sa masu ci ke cewa mai kanwa ta fi kamawa. Kuma kanwar da kanta tana cin fatar wurin da aka ajiye ta.

Amma ba nikotin ne babban mai jawo ciwon daji ba. Lokacin da ake shanya ganyen, a daka shi, a ajiye, wasu sinadarai da ake kira naitirosamin suna samuwa a cikinsa. Su ne ke lalata ƙwayoyin halittar fatar baki a hankali, har wasunsu su fara yaɗuwa ba ƙa'ida. Masana sun ƙirga sinadarai aƙalla 28 masu iya jawo ciwon daji a cikin tabar ci, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa ta a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. A Sudan ma suna da irinta mai suna tumbak, taba ce da ake kwaɓawa da kanwa kamar tamu, kuma likitocin can sun daɗe suna ganin ciwon daji yana fitowa daidai inda mai ci ke ajiye ta.

Dasashi shi ke fara kuka

Kafin a kai ga maganar ciwon daji, dasashi ne ke fara nuna alama, kuma wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba. Lafiyayyen dasashi yana da tauri, yana rungume da haƙori, ba ya jini in an goge. Launinsa ja-ja ne mai haske, ko da yake mu baƙar fata da yawanmu muna da duhu-duhu a dasashi tun haihuwa, wannan kuwa ba ciwo ba ne.

Matakin farko na ciwon dasashi shi ne kumburi. Dauɗar abinci da ƙwayoyin cuta suna taruwa a gindin haƙori, bakin dasashin ya yi ja ya kumbura, in aka sa buroshi ko asuwaki sai a ga jini a yawu. A wannan mataki ana warkewa sarai. In aka dage da goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci, aka kuma je likitan haƙori ya kankare dauɗar da ta riga ta daskare, dasashi yakan koma yadda yake. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su daina goge wurin da ke jini don tsoro, alhali barinsa ne ke ƙara masa ciwo.

In aka ƙyale, ciwon yana gangarawa ƙasa. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami wanda a lafiyayyen baki zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Likitan haƙori yana da wani siririn ƙarfe mai alamun awo da yake zurawa ya auna. In ramin ya kai milimita 4 ko fiye, dasashi ya fara rabuwa da haƙori ke nan, kuma ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin yana iya fara zaizayewa. A nan ne ake samun warin bakin da ba ya jin asuwaki, da mugunya mai fitowa in an danna dasashi, da giɓin da ke buɗewa tsakanin haƙoran da a da suke manne, daga ƙarshe haƙori ya fara girgiɗi. Ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa da kansa. Abin da magani zai yi shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Mai cin taba yana da wata alama tasa ta daban. Daidai inda yake ajiye tabar, dasashi yakan ja da baya, har saiwar haƙori ta fito fili. Sai ka ga haƙori biyu ko uku na wannan gefen sun fi 'yan'uwansu tsawo, kuma in ya sha ruwan randa mai sanyi ko shayi mai zafi sai ya ji tsam har ka. Kwatanta gefen da ake ajiye taba da ɗaya gefen yakan nuna bambancin ƙarara. Akwai kuma wata yaudara: nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jini, don haka dasashin mai taba yana iya lalacewa ba tare da ya yi jini sosai ba. Rashin ganin jini a bakinsa ba shaidar lafiya ba ce.

Fari, ja, da gyambon da ya ƙi warkewa

Yanzu ga ainihin darasin. Fatar cikin baki tana canjawa kala uku da ya kamata a sani.

Na farko farin tabo. Yawancin waɗanda suka daɗe suna cin taba, in suka janye leɓe, za su ga wurin ajiyar ya yi fari-fari ko toka-toka, ya yamutse kamar tafin hannun da ya daɗe a cikin ruwan wanki. Wannan kanta ce fatar ta yi don kare kanta, kamar yadda hannun manomi ke yin kanta saboda ƙotar fartanya. Sau da yawa in aka daina ajiye taba, wannan farin yakan ɓace cikin mako 2 zuwa 6. Wanda ya ƙi ɓacewa bayan an daina, ko ya yi kauri, ko ya yi gurji-gurji kamar tsiro, shi ne abin tsoro, domin wasu daga irinsa suna rikiɗewa su zama ciwon daji. Akwai gwaji mai sauƙi: a sa tsumma mai tsabta a goga a hankali. In farin ya fita kamar gudajin nono ya bar ja a ƙasa, yawanci wata cuta ce ta daban mai jin magani, ko da yake ita ma tana buƙatar a nuna wa ma'aikacin lafiya. In kuwa ya ƙi fita, fatar ce da kanta ta canja.

Na biyu jan tabo. Wuri ne ja wur, mai laushi da santsi, wanda ya bambanta da fatar da ke kewaye da shi, kuma ba ya zafi. Ba a cika ganinsa kamar farin ba, amma ya fi shi haɗari sosai. In aka gwada irin wannan tabon a asibiti, sau da yawa akan tarar ya riga ya fara zama ciwon daji ko yana dab da zama. Tabon da ya haɗa ja da fari shi ma haka. A nan muna da matsala irin tamu: goro yana rina baki, haka ma furen taba da wasu iyayenmu mata ke gogawa a haƙori don ado. Jan goro yana iya ɓoye jan ciwo. Saboda haka da safe ake dubawa, bayan an kurkure baki sosai, kafin a ci goron farko.

Na uku gyambo. Kowa ya taɓa yin ɗan gyambon baki, ƙarami, zagayayye, mai fari a tsakiya da ja a gefe, mai zafi har mutum ya kasa cin yaji. Irin wannan, duk zafinsa, yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Haka ma inda mutum ya ciji harshe ko kunu ya ƙona shi. Gyambon ciwon daji kuwa halinsa daban ne. Da farko ba ya damun mai shi. Bakinsa yakan ɗago ya naɗe, in aka taɓa da yatsa sai a ji tauri a ƙarƙashinsa kamar an binne ƙwallon dabino, yana iya yin jini in an taɓa, kuma maimakon ya ragu sai ya ƙaru. Wato a baki, gyambo mai zafi da ke warkewa ya fi alheri a kan marar zafi da ya yi zaune.

Akwai wasu alamun da ke biyo baya in abin ya fara nisa: haƙorin da ya yi girgiɗi shi kaɗai ba dalili, ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa, leɓen ƙasa ko harshe ya mutu kamar an yi masa allurar kashe zafi, baki ya ƙi buɗuwa sosai, haɗiya ta yi wuya, ko kunne ɗaya ya riƙa ciwo alhali an duba kunnen ba a ga komai ba. Sai kuma kaluluwa a wuya ko ƙarƙashin muƙamuƙi. Kaluluwar mura ko ta ciwon haƙori tana da zafi, tana motsi in an taɓa, tana sacewa in ciwon ya tafi. Wadda ke da tauri, ba zafi, ba ta motsi, kuma tana ƙara girma, ita ce ake gudu.

Yadda ake dubawa

Minti biyu sun isa, sau ɗaya a wata. A wanke hannu da sabulu, a fita inda hasken rana yake ko a kunna tocilar waya, a riƙe madubi. A fara da inda ake ajiye tabar. A janye leɓen ƙasa, a ɗaga na sama, a duba cikinsu da dasashi. A ja kunci gefe a leƙa har can ƙurya bayan haƙoran tauna. A fito da harshe, a kama bakinsa da tsumma mai tsabta don kada ya zame, a ja shi dama a duba gefen hagu, a ja shi hagu a duba gefen dama. Gefen harshe da ƙarƙashinsa wurare ne da ciwon daji ke yawan fitowa, kuma su ne mutane ba sa kallo. A ɗaga harshe sama a duba ƙasan baki, a ɗaga kai a duba ganɗa. Daga nan a bi ko'ina da yatsa ana neman wuri mai tauri, a ƙare da shafa wuya ta ɓangarori biyu.

In an ga wani abu, a rubuta ranar, a kuma ɗauki hotonsa da waya. Ƙwaƙwalwa tana ruɗi, mutum zai ce "jiya-jiya ya fito" alhali ya yi wata uku.

Mu ɗauki misali

Mu ƙaddara kana da kawu, manomi ne mai shekara 55, ya fi shekara 20 yana ajiye taba a cikin kuncinsa na hagu. Wata rana kuna cin tuwo ka lura yana tauna da gefen dama kawai. Ka san ba a tunkarar babba da wa'azi. Sai ka bari ya natsu ka ce, "Kawu, an koya mana wani abu a makaranta kan lafiyar baki, ko za ka bari in gwada a kanka?" In ka ga da nauyi, ka bi ta wajen Inna ko yayanka.

Ka haska. A kuncin hagu akwai farin tabo mai yamutsa, a tsakiyarsa kuma ɗan gyambo kamar girman ƙwayar wake, gefensa da tauri. Dasashin haƙora biyu na wurin ya ja baya. Ka tambaye shi, ya ce, "Ai ba ya yi mini zafi, zafin ciki ne ya fito, tun kafin mu yanke gero yake nan." Ka lissafa, an yanke gero mako biyar da suka wuce.

A nan ba sauran jira. Ƙa'idar ita ce duk gyambo, tabo ko ƙullutun da ya kai mako biyu a baki bai warke ba, a nuna wa likita, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ya haura mako uku. Na kawu ya wuce haka, ga kuma tauri. Da a ce farin yamutsar ne kaɗai, ba gyambo ba tauri, da sai ya ajiye tabar gaba ɗaya a sake dubawa bayan mako biyu, in bai fara gushewa ba a tafi. Lura, ajiyewa muka ce, ba mayar da ita ɗaya kuncin ba. Masu sauya gefe suna ƙara wa kansu wuri na biyu ne kawai.

Abin da ya fi cinye lokaci a irin wannan hali mun san shi duka. Za a je kemis a sayi kafso na kwana biyar. Bai yi ba, a sake wani. Wani ya ce a dasa kanwa ko ƙwayar asfirin a kan gyambon, waɗanda ƙona fatar kawai suke yi. Wani ya ce a kai wa wanzami ya tsaga. Kafin a farga damina ta zagayo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ciwon daji, domin ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. In an sha magani sau ɗaya gyambo bai warke ba, wannan kansa dalili ne na wucewa gaba.

Ina za a je? Ana iya farawa da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Tsafe ko na Bungudu, a gaya wa likita abu uku a fili: shekara nawa ana cin taba, a ina ake ajiye ta, kuma yaushe gyambon ya fito. Kada kunya ta sa a ɓoye maganar tabar, ita ce ke sa likita ya ɗauki abin da muhimmanci. A nemi takardar turawa zuwa sashen haƙori da muƙamuƙi, kamar na Asibitin Tarayya da ke Gusau. A can, in likita ya yi shakka, zai yi allurar kashe zafi ya yanki ɗan ƙaramin nama daga gefen gyambon a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da ko ciwon daji ne ko a'a, ido ba ya isa, ko da na likita ne. Mun sha jin ana cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Ba yankar gwaji ke baza shi ba. Abin da ke faruwa shi ne mutane da yawa ba sa yarda a taɓa sai ciwon ya riga ya bazu, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin jinkiri.

Ba kowane gwaji ne ke fitowa da mummunan labari ba. Yana iya zama haƙori mai kaifi ne ke gurzar wurin, a goge kaifin a huta. In kuma ciwon daji ne, girmansa a ranar da aka gano shi ne ke yanke kusan komai. Likitoci suna ɗaukar wanda bai wuce santimita 2 ba, wato kamar faɗin babban yatsa, bai yi zurfi ba, kuma bai kai kaluluwar wuya ba, a matsayin matakin farko. Irin wannan sau da yawa tiyata ɗaya ce, a yanke shi tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye, mutum ya ci gaba da magana da cin abincinsa. Wanda ya wuce santimita 4 ko ya shiga wuya yana buƙatar babbar tiyata, wani lokaci har da cire wani sashe na muƙamuƙi ko harshe, da gashi da na'ura, da allurai masu ƙarfi. Wannan kuwa sai an dangana da manyan asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa cikin mutum 10 da aka gano nasu bai bazu ba, fiye da 8 suna raye bayan shekara 5, amma in ya kai sassan jiki na nesa, kusan 4 ne kawai. Can ma ke nan, inda kayan aiki suka wadata.

Mun san kawu zai kawo maganar kuɗin mota da halin da hanya take ciki, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amsar da za ka ba shi ita ce lissafi: zuwa Gusau sau ɗaya ko biyu yanzu, ko kuwa makonni ana jinya a Sakkwato ko Zariya nan gaba, da mai jinya, da gona ba mai dubawa.

Akwai lokacin da ko kwana ɗaya ba a jira. In kumburi ya taso daga haƙori ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya haura ido, ga zazzaɓi, ko mutum ya kasa haɗiye yawunsa, ko numfashi ya yi masa wuya, ko baki na zubar da jinin da ya ƙi tsayawa, a ranar ake tafiya asibiti.

Barin tabar kuwa yana da wuya a kwanakin farko. Mutum zai yi ta jin haushi, kansa ya yi ciwo, barci ya ƙi zuwa, bakinsa ya riƙa neman abin tsotsa. Wannan yakan fi tsanani a makon farko, ya riƙa sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Tauna asuwaki a lokutan da aka saba cusa taba yana taimaka wa wasu. Wanda ya daina ma ya ci gaba da duba bakinsa duk wata, ya kuma ga likitan haƙori ko sau ɗaya a shekara, domin haɗarin yana raguwa ne a hankali.

Ga mu ɗalibai kuma, dokar taƙaita taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kowace irin taba. In akwai wanda ya riga ya fara a ɓoye, ya janye leɓensa gobe da safe ya duba wurin. In ya ga fari, ya sami malamin kimiyya ko wani babba da ya yarda da shi a raka shi asibiti.